Farin ƙwai ya ƙi tashi, ga kuma kek ɗin mutane na jira

Maman Khairat: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sana'ar kek ku taimaka min. Ina da odar kek ɗin shifon na walimar sauka, jibi da safe za a zo ɗauka nan Mabera. Ɗazu na raba ƙwai 6, na zuba farin a roba, na sa miksa na yi ta bugu har wajen minti 20, miksar ta yi zafi a hannuna amma abin ya ƙi tashi. Ya dai yi fari, ya yi 'yar kumfa a sama, amma in na ɗaga kan miksar sai ya zuba ƙasa, ko alamar tsini babu. Na sha yin kek ɗin nan ba matsala. Me ya faru yau?

Hajiya Inno: Wa alaikumus salam ɗiyata. Zafi ne. Wanga wata na Afrilu ko mutum bai da kuzari, balle ƙwai. Ƙwan da ya kwana kan tebur a kasuwa rana na dukan shi, ruwa yake komawa. Ki sayo sabo ki sake.

Ummita: Anti ko daga firij kika ɗauko su? Ni an ce min mai sanyi ba ya buguwa.

Maman Khairat: Ba daga firij ba ne Ummita, wutar ma yaushe rabonmu da ita da za a yi zancen firij. Da janareta na kunna miksar. Kiret ɗin shekaranjiya aka kawo min, Hajiya, ban san kwanan da ya yi kafin nan ba.

Anti Luba Arkilla: Maman Khairat, kar ki sake fasa ko ɗaya tukuna, ƙwai ya yi tsadar da za a yi ta gwaji da shi a makance. Ba ni amsar wagga tambaya daki-daki. Mi kinka fara bugawa da miksar, farin ko haɗin gwaiduwa? Robar da kinka zuba farin, mi ake yi da ita kullum? Sukarin yaushe ya shiga? Kuma da kina raba ƙwan, akwai gwaiduwar da ta fashe?

Maman Khairat: Haɗin gwaiduwa na fara yi Anti, gwaiduwa 6 da man gyaɗa da madara da fulawa. Da na gama na goge kawunan miksar tas da tsumma mai tsabta sannan na koma kan farin. Robar ita ce wadda nake haɗa aisin na bota a ciki, amma wallahi wankakkiya ce. Sukari giram 90 na zuba tun farko gaba ɗaya don in huta. Gwaiduwa ɗaya ta ɗan tsage, wani ɗan zare ya bi farin, bai kai ɗigo biyu ba.

Anti Luba Arkilla: To ai kin kama ɓarawonki da kanki, kuma ba ɗaya ba ne. Maiƙo ya shigar maki ta ƙofa uku, sannan sukari ya zo ya danne abin da ya rage.

Bari in faɗa maki abin da ke faruwa cikin kwanon, in kin gane shi ba za ki sake buƙatar kowa ya tuna maki ba. Farin ƙwai kusan duk ruwa ne, kashi 90 cikin 100. Sauran kashi 10 ɗin furotin ne, kuma shi ke yin aikin duka. A cikin ɗanyen ƙwai furotin ɗin nan a dunƙule yake. Bugu yana yin abu biyu lokaci guda: yana tura iska cikin ruwan, yana kuma warware furotin ɗin ya miƙe. Da ya miƙe, wani gefe nashi na son ruwa, wani gefen na gudun ruwa, sai ya je ya jeru daidai inda iska ta haɗu da ruwa, wato bangon kowane ɗan ƙwayar kumfa. Can yake kama 'yan uwanshi su sarƙe, su yi wa iskar katanga. Kina ƙara bugu ƙwayoyin na ƙara ƙanƙanta, katangar na ƙara yawa, har abin ya iya tsayuwa da kanshi. Shi ne tsinin da kike nema.

Maiƙo kuwa shi ma wurin nan yake nema. Yana rige furotin zuwa bangon kumfar ya zauna, amma shi ba ya sarƙewa da kowa, sai ya bar gurbi a katangar. Kumfa ta tashi ta fashe, ta tashi ta fashe. Kin san in tukunyar wake na kumfa tana neman zubowa, ɗan mai ake ɗigawa ta kwanta nan take. To abin da ya faru a robarki ke nan, kina ta hura kumfa mai na kwantar da ita.

Maman Khairat: Ikon Allah. Amma Anti na goge kawunan fa, ban ga komai a jikinsu ba.

Anti Luba Arkilla: Tsumma ba ya cire mai, shimfiɗa shi yake yi. Duba inda wayoyin kan miksar sunka haɗu a ƙasa, da wuyan da ke shiga cikin injin. Nan haɗin ke maƙalewa, da kin kunna ya fito. Kuma abin da ke jikinsu ba ɗan kaɗan ba ne, man gyaɗa ne da gwaiduwa a haɗe. A ganina wannan ce babbar ƙofar da ta kashe maki aiki, ta fi ɗan zaren gwaiduwar can. Ko dai ki wanke su da ruwan zafi da sabulu su bushe, ko ki yi abin da nake yi: haɗin gwaiduwa da hannu nake kaɗa shi da abin bugun ƙwai na waya, ba ya buƙatar inji, miksar kuwa ba ta taɓa komai sai farin.

Sahabi Mai Shayi: Salamu alaikum iyayena. Ni fa ban gane ba. Kullum sai na fasa ƙwai sama da kiret, fari da gwaiduwa a haɗe, a kofin roba, da cokali mai yatsu, kuma yana tashi lafiya lau a kasko. Maman Khairat ki ƙara wuta kawai, ki sa mai ya yi zafi sosai kafin ki zuba.

Ummita: Malam Sahabi ba suya ake magana ba 😂 kek ne.

Sahabi Mai Shayi: Au to. Allah ya ba da haƙuri, na ga an ce ƙwai ya ƙi tashi ne.

Rukayya Gawon Nama: Duk da haka maganar Malam Sahabi ta tuna min wani abu. Anti Luba, ba musu nake yi ba, amma akwai kek ɗin da ake buga ƙwai gaba ɗayansa da sukari, fari da gwaiduwa, ya yi kumfa ya ninka har ya cika kwano. In gwaiduwa na kashe kumfa, shi wannan ya aka yi yake tashi? Sannan ni gwaiduwa ta sha ɗiga min a fari, in kwashe abin da na iya, in buga, kuma ya tashi. Ina ga ana zuzuta abin nan fiye da kima.

Anti Luba Arkilla: Tambaya mai kyau Rukayya, kuma ba ki yi ƙarya ba. Ƙwai gaba ɗaya yana kumfa, amma ki lura da irin kumfar. In kin ɗaga miksar zubowa take yi a hankali, ta kwanta saman sauran na ɗan lokaci sannan ta nutse. Ba ta taɓa yin tsini ta tsaya, ko kin kwana kina bugu. Sukari mai yawa ne ke ba ta kauri, shi ya sa ma wasu ke ɗora kwanon kan ruwan ɗumi don ta samu ta tashi, kuma dole a sa ta a wuta da wuri kafin ta sauka. Shifon kuwa tsayayyar kumfa yake so, wadda za ta ɗauki nauyin fulawa da mai ba ta rushe ba.

Gwaiduwa kusan kashi ɗaya cikin uku nata mai ne, kuma tana da wani sinadari, lesitin, wanda aikinshi ke nan zama tsakanin abubuwan da ba su haɗuwa. Shi ke sa mayonis ya kama. To shi ma bangon kumfar yake zuwa ya ture furotin.

Zancen ɗigo kuwa, na yarda da ke rabi. Ɗan ɗigo guda cikin fari 6, da miksa mai ƙarfi da kwano mai tsabta, sau da yawa zai tashi. Sai dai zai ɗauki lokaci fiye da yadda ya saba, ba zai cika kwano yadda ya kamata ba, kuma in kin ajiye shi minti kaɗan za ki ga ya fara saki. Da hannu kuwa wahala ce kawai. Ita Maman Khairat ba ɗigon kaɗai gare ta ba.

Rukayya Gawon Nama: Ni dai nawa bai taɓa saki ba. Amma ina hanzarta haɗawa, wataƙila shi ya sa.

Hajiya Inno: Duk kun bar maganata ta zafi. Mu da munka daɗe muna fasa ƙwai mun san na bazara daban yake.

Anti Luba Arkilla: Ba mu bar ta ba Hajiya, ranki ya daɗe. Kina da gaskiya ƙwan bazara daban yake, sai dai ba ta inda ake zato yake cutarwa ba. Ɓawon ƙwai na da ƙananan ƙofofi da ido bai gani, ta nan iska da danshi ke fita, kuma zafi na hanzarta abin. A garin da rana ke wuce digiri 40, ƙwan kwana kaɗan ya riga ya tsufa. Farin ya tsinke ya koma ruwa-ruwa, gaskiya ne. Amma tsinkakken fari yana buguwa, har ma ya fi sabo saurin tashi, illa dai kumfarshi ba ta kai ta sabo ƙarfi da jimiri ba. Inda tsufa ke yin ɓarna shi ne fatar da ta lulluɓe gwaiduwa. Tana yin rauni, ruwa daga farin na shiga gwaiduwar ta kumbura ta baje, da kin taɓa ta da bakin ɓawo ta tsage. Ashe kin ga zafin ya taimaka wurin ɓata aikin, amma ta hanyar gwaiduwa ya biyo.

Ga yadda za a gane. Fasa ɗaya a faranti. In gwaiduwar ta tsaya a dunƙule da tudu, farin mai kauri ya kewaye ta, sabo ne. In ta kwanta faffaɗa farin ya malale ko'ina, sai an yi hattara wurin rabawa.

Ummita, naki zancen firij ɗin ma haka. Mai sanyi yana buguwa, jinkiri kawai yake yi. Kuma ya fi sauƙin rabawa, don gwaiduwar na da tauri. Wanda ke da wuta ya raba su da sanyinsu, ya bar farin ya sha iska minti 20 ko 30. Nan Sakkwato ma bai kai haka ba ya huce.

Ummita: Na gane Anti. To robar fa? Ta ce wankakkiya ce.

Anti Luba Arkilla: Roba da mai dangin juna ne, shi ya sa take riƙe shi. Ki tuna robar da anka taɓa zuba miyar manja a ciki, ko sau nawa anka wanke jan nan na nan. Bota ba ta da launin da za ta tona kanta, amma haka take zama, musamman cikin ƙananan karce da soso da cokali sunka yi. Shafa yatsa a cikin robar aisin ɗinki, Maman Khairat, za ki ji ɗan santsi. A kwanon gilashi ko na silba da ya wanku, yatsa turjewa yake yi har ya yi ƙara.

Abin da za ki yi gobe ke nan. Samu kwanon silba mai zurfi, irin wanda ba ya tsatsa, ko na gilashi ko tangaran. Kar ki ɗauki tukunyar alminiyam, tana iya sa farin ya yi toka-toka. Wanke shi da ruwan zafi da sabulu tare da kawunan miksar, ki ɗauraye sosai, don sauran sabulu ma na karya kumfa. Sai ki yanka lemun tsami ki goge cikin kwanon da kawunan, ki share da tishu sabo, ba tsumman kicin ba. Hannunki ma ki wanke, in kin shafa mai ko kin taɓa bota.

Wurin rabawa ki ajiye kwano uku. Ƙarami guda da za ki riƙa fasa kowane ƙwai a kanshi, ɗaya na gwaiduwa, sai babban na fari. Kowane fari sai kin duba shi a ƙaramin kin ga ba ja a ciki kafin ya shiga babban. In na biyar ya fashe, shi kaɗai ya ɓaci, ki ajiye a soya wa yara, ki ɗauraye ƙaramin kwanon ki ci gaba. In kuwa ɗigo ya faɗa babban, da rabin ɓawon za ki kwashe shi, ba da yatsa ba, ki haɗa da ɗan farin da ke kewaye da shi.

Maman Khairat: Allah ya saka da alheri Anti. Sukarin fa, shi ma laifi ne?

Anti Luba Arkilla: Shi ba ya kashe kumfa, hasali ma shi ke ƙarfafa ta daga baya, ya riƙe ruwan ya hana shi tsiyayewa. Amma in ya shiga tun farko yana sa farin ya yi nauyi da danƙo, furotin bai samu sararin warwarewa da wuri ba, sai lokacin bugun ya ƙaru sosai kuma ba ya cika yadda ya kamata. Fara da farin zalla a matsakaicin gudu. In ya yi kumfa manya-manya, zuba ruwan lemun tsami cokalin shayi ɗaya. In kumfar ta yi laushi ta yi fari har kan miksar ya fara barin sawu, sai ki fara zuba giram 90 ɗin nan cokali-cokali, kina barin kowane ya narke. Fari 6 bai fi cikin kofi ɗaya ba kafin bugu, amma ya kamata ya ninka sau 6 ko fiye, ya wuce lita. Da miksar hannu duka aikin bai cika wuce minti 8 zuwa 10 ba. In kin kai minti 5 ba ki ga yana hawa ba, kashe janareta, ƙarin bugu ba zai gyara shi ba.

Kuma a shifon kar ki nemi tsinin da ya miƙe ƙyam. Wanda ya tsaya amma bakinshi ya ɗan lanƙwasa ya fi sauƙin haɗuwa da fulawa.

Balkisu Runjin Sambo: Tunda an taɓo zancen bari in kawo tawa. Ni nawa yana tashi, har ya yi tsini, amma kafin in juya in ɗauko fulawa sai in ga ya yi gudaji-gudaji, ruwa ya taru a ƙasan kwano. Ni ma maiƙon ne?

Anti Luba Arkilla: A'a Balkisu, naki ya wuce gona ne. Sarƙewar da furotin ke yi ba ta tsayawa in kin ci gaba da bugu, ƙara matsewa take yi har ta matso ruwan waje. Kallon kwano kawai ya isa a raba su. Na maiƙo bai taɓa hawa ba: ruwa-ruwa ne, kumfar manya, tana fashewa kina kallo. Na sukarin da ya riga lokaci yana sheƙi, yana da kauri, yana zuba a hankali, kuma in kin yi haƙuri yana ƙara kauri. Naki kuwa ya hau ya wuce, sheƙin ya tafi, ya bushe ya tsattsage. Kina sa lemun tsami? Tsamin ne ke rage wannan matsewar ya ba ki sarari kafin ya lalace. In bai yi nisa ba, ƙara ɗanyen fari guda ki buga kaɗan a hankali, yakan dawo.

Balkisu Runjin Sambo: Gishiri nake sawa, haka aka koya min, wai yana sa ya yi saurin tashi.

Rukayya Gawon Nama: Ni ma gishiri na gani ana sawa.

Anti Luba Arkilla: Yana tsinka farin a farko sai a ga kamar ya taimaka, amma rage wa kumfa ƙarfi yake yi. Ku sa shi cikin fulawa, ɗanɗanon ɗaya ne.

Maman Khairat: To wanda ya ɓaci fa, yana nan a rufe. In na juye shi a kwano mai tsabta na sa lemun tsami, zai tashi? Ƙwai 6 ne fa Anti, ga haɗin gwaiduwar ma na ajiye.

Anti Luba Arkilla: Ba zai tashi ba, man ya riga ya gauraye da shi, lemun tsami kuma ba ya cire man da ya shiga cikin farin. Amma ba asara ba ne in kin yi sauri. Juye shi cikin haɗin gwaiduwar, ki ƙara bekin foda kamar cokalin shayi biyu, ki gasa yanzu a matsayin kek na gida ko ƙananan kek na kofi. Ba zai yi laushin shifon ba amma zai ciwu. Kar ki bar shi ya kwana a zafin nan ba firij, ɗanyen ƙwai ne da madara.

Kuma kafin ki fasa 6 gobe, gwada da guda. Fari ɗaya a ƙaramin kwanon gilashi, ba sukari, da wankakkun kawuna. Cikin minti 2 ko 3 ya kamata ya tsaya. In ya tsaya, kiret ɗinki lafiya yake, kayan aiki ne sunka ɓata na yau.

Hajiya Inno: In bai tsaya ba kuma ku dawo ku ce Hajiya ta faɗa.

Ummita: 😂 Hajiya ba ta saki ba. Anti, damina ta kusa, ƙwan zabi zai cika kasuwa. Ana iya yin shifon da shi?

Anti Luba Arkilla: Farin shi na buguwa, amma ƙanana ne kuma gwaiduwar ta fi cin wuri, don haka auna za ki yi ba ƙirga ba: kamar giram 30 zuwa 33 a madadin farin ƙwan kaza guda. Ɓawon na da tauri ƙwarai, sai an buga da ƙarfi, nan ne gwaiduwa ke fashewa. Ni dai dafawa nake yi da shi.

Hajiya Inno: Ƙwan zabo ya fi na gidan gona komai da komai, har kek ɗin ma sai ya fi ƙamshi.

Rukayya Gawon Nama: Ƙamshi wataƙila, Hajiya, amma wa zai zauna raba ƙwan zabo goma sha wani abu don kek ɗaya?

Maman Khairat: Na dawo da labari. Ban iya jira gobe ba, na wanke kawunan da ruwan zafi na gwada fari ɗaya a kwanon gilashi, ya tsaya har na kifa kwanon bai motsa ba. Sai na ce bari in ga robar ita kaɗai, na fasa wani a cikinta da kawunan nan masu tsabta. Ya tashi fa Anti, sai dai ya fi ɗaukar lokaci kuma tsinin na faɗuwa gefe.

Rukayya Gawon Nama: Kun gani ko? Robar ba ta hana ba.

Anti Luba Arkilla: Ba ta hana ba, ta rage. Haɗa ta da kawunan da sunka sha man gyaɗa ki ga. Maman Khairat, kwanon silbarki lita nawa yake ci? In bai kai 3 ba zo Arkilla da safe ki ɗauki nawa, fari 6 na buƙatar wuri.

Maman Khairat: Ƙarami ne gaskiya. Zan turo Khairat bayan ta taso daga islamiyya in sha Allahu.